Yadda za ki gane gashin mutum da na roba kafin ki yanke ragar wig

Abin da aka rubuta a jikin kwalin wig ko ƙarin gashi magana ce ta mai sayarwa, kuma ba kowace za ki riƙe a matsayin shaida ba. Lambobin nan na 8A, 10A da 12A babu wata hukuma da ta tsara su, kowane kamfani yana laƙaba wa kayansa wadda ta yi masa. Haka sunaye irin Brazilian da Peruvian: galibi suna nuni ne ga yanayin laushi ko lanƙwasar gashin, ba ƙasar da aka aske shi ba. Mafi yawan gashin mutum da ke kasuwar duniya daga Asiya yake fitowa. A Indiya, masu ziyarar ibada suna aske kansu a wuraren bauta irin na Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh, a tara gashin a yi gwanjonsa. A Sin kuma, birnin Xuchang na lardin Henan yana cikin manyan cibiyoyin da ake sarrafa gashi a ɗinka shi. Tun da rubutun kwali ba zai wadatar ba, aikin ya koma hannunki, kuma akwai tsarin da ya kamata ki bi: ki fara sanin irin zaren da ya dace da ke, ki nemi cikar da kanki zai ɗauka, sannan idan kaya ya iso ki gwada shi tun ba ki yi masa abin da zai hana a karɓe shi ba.

Fara da tambayar yadda za ki yi amfani da shi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gashin mutum ya fi na roba a kowane hali. Ba haka ba ne. Gashin roba mai kyau ana gasa masa fasali tun daga masana'anta, saboda haka ko an wanke shi, da zarar ya bushe zai koma yadda yake, kuma laimar iska ba ta kumbura shi. Idan ke mai gaggawa ce da safe, ba ki da lokacin busarwa da miƙarwa, kuma salo ɗaya kike so, musamman gajere wanda bai wuce kafaɗa ba, na roba zai fi ba ki kwanciyar hankali. Gashin mutum kuwa yana son hidima. Duk wanki sai an sake yi masa fasali, damshi yana canza shi, rana tana kodar da launinsa. Ladan wannan wahala shi ne yana karɓar rini, yana jure zafi, yana motsi kamar na kanki, kuma idan an kula da shi yakan wuce shekara ana sa shi kullum, alhali na roba yakan fara gajiya cikin wata 4 zuwa 6.

Shi ma na robar ba iri ɗaya ba ne. Akwai modakirilik, wanda fitaccen sunansa Kanekalon, zaren da kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi a 1957. Yana da laushi, ba ya saurin kama wuta, amma ba ya son ƙarfen miƙar da gashi. Akwai na fibisi, wato robar PVC, irin Toyokalon, mai santsi da riƙe lanƙwasa. Akwai kuma dangin foliyesta da ake tallatawa da cewa suna jure zafi, wasunsu har wajen digiri 180 na ma'aunin Salshiyas. Wannan na ƙarshe yana ruɗin masu saye, domin suna zaton sun sami biyu a ɗaya. Gaskiyar ita ce ya fi saurin cukurkuɗewa a ƙeya inda yake gogar wuyan riga, yana buƙatar a riƙa bi da shi da ɗan zafi don ya miƙe, kuma yakan riga na roba na yau da kullum tsufa. Ki saye shi idan da gaske za ki riƙa canza salo, ba don kalmar ta yi daɗin ji ba.

Abin da ke raba gashin mutum mai kyau da maras kyau

A nan ne ya kamata a daɗe, domin yawancin kukan masu saye daga nan yake tasowa. Kowane silin gashin mutum yana da ɓawo a bayansa, jeri-jeri, ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi, kuma bakin kowane ɓawo yana kallon ƙarshen gashi. Idan aka ɗaure gashin mutum ɗaya aka yanke, aka kiyaye tushe a gefe guda da ƙarshe a gefe guda har aka ɗinka, to duk ɓawon yana kallon wuri ɗaya, silin gashi yana zamewa a jikin ɗan'uwansa ba tare da saƙalewa ba. Wannan shi ake kira Remi. Idan ƙari a kan haka ba a taɓa rina shi ko sa masa sinadarin miƙarwa ba, shi ne wanda ake rubuta wa Virgin a kwali.

Amma gashi mai yawa ba ta wannan hanya ake samunsa ba. Ana tattaro shi daga mataji da wuraren aski, a warware, wani tushensa sama wani ƙasa. Idan aka ɗinka shi haka, ɓawon wannan zai riƙa kama na wancan, ya dunƙule cikin ɗan lokaci. Dabarar masana'anta ita ce a tsoma shi cikin ruwan asid ya cinye ɓawon, a rina shi launi ɗaya, sannan a lulluɓe shi da silikon. A ranar farko ba abin da ya fi shi sheƙi da santsi. Sai dai silikon bin ruwa yake yi, bayan wanki biyu ko uku sai ainihin gashin ya bayyana: busasshe, maras kariya, yana shan ruwa ya kumbura, yana haɗewa ya zama dunƙule a ƙeya. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce gashin mutum ne. Ƙaryar tana wurin da ya ce Remi ne.

Saboda haka ƙarya iri uku za ki nema, kuma kowace da gwajinta: a cakuɗa zaren roba cikin gashin mutum, a sayar da wanda aka cinye wa ɓawo da sunan Remi, ko a rage cika da tsawo. Akwai ta huɗu, wato cakuɗa gashin dabba irin na yak ko akuya, wadda ta fi wuyar kamawa a gida. Za mu zo kanta.

Ki kuma karanta kalmomin talla da idon basira. Idan kin ga Human Hair Blend, an gaya miki gauraye ne, kuma ba dole a faɗi kashi nawa ne na mutum ba. Idan kin ga Human Hair Quality ko Human Hair Feel, ma'anarsa roba ce da aka kwatanta da gashin mutum, babu silin mutum ko ɗaya da aka yi miki alkawari.

Cika: lambar da ke kwali da nauyin da ke sikeli

Cikar wig ana rubuta ta da kashi: 130%, 150%, 180%, har 200% da 250%. Ana kwatanta ta ne da cikar gashin kai na matsakaicin mutum, kuma daga 120% zuwa 130% shi ya fi kama da gashin da ya tsiro a kai. Da 150% za ki sami ɗan ƙarin jiki ba tare da ya yi kama da hula ba. Daga 180% zuwa sama salon kwalliya ne, yana da nauyi, yana tara zufa, kuma wankinsa da busarwarsa sun fi cin lokaci.

Tsawo ne ke yanke hukunci a kan cikar da ta dace. Gashi mai inci 12 a 130% zai fito a cike, amma mai inci 24 a wannan cikar zai yi sirara a ƙasa, domin ba duk silin ne ke kai wa ƙarshe ba. Don haka gajere ki tsaya a 130% zuwa 150%, dogo daga inci 20 ki duba 150% zuwa 180%. Mai lanƙwasa yana cika ido fiye da miƙaƙƙe, sai ki sauka mataki ɗaya. Wadda kuma take sa wig saboda zubewar gashi, ko fatar kanta ba ta son zafi, mai sauƙin cika ya fi mata, kuma shi ne ma ba a saurin ganewa.

Matsalar ita ce 180% na wannan kamfani na iya zama 150% na wancan. Abin da ba ya canzawa shi ne giram. Kafin ki biya, ki tambayi mai sayarwa nauyin wig ɗin a rubuce, a wannan tsawon da wannan cikar, ki ajiye amsar. Idan ƙarin gashi ne na ɗinki, ɗauri guda bisa al'adar sana'ar giram 100 ne ko ƙasa da haka kaɗan, ko gajere ne ko dogo. Wannan na nufin dogon ɗauri yana da ƙarancin sili, shi ya sa ɗauri 2 ke isar kai a inci 12 ko 14, a buƙaci 3 a inci 16 zuwa 22, a kai 4 idan an wuce haka. Kada dai ki manta cewa duk giram ɗin da kika ƙara, tushen gashinki ne zai ɗauka. Nauyi da ɗaurewa sosai, idan aka daɗe ana yi, suna cinye gashin goshi da na gefen kunne, wani lokaci ba ya dawowa. Idan kitso ko ɗinki yana miki zafi bayan an gama, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi, a sassauta.

Tambaya ta biyu ga mai sayarwa: an tsefe gajerun sili ko ba a tsefe ba? Wanda ake rubuta wa single drawn yana ɗauke da sili masu tsawo daban-daban, yana da kauri a sama ya sirance a ƙasa, kamar yadda gashi yake a kai. Wanda ake rubuta wa double drawn an cire mafi yawan gajerun, kaurinsa kusan ɗaya ne har ƙarshe, kuma ya fi tsada. Babu aibi a na farkon muddin ba kuɗin na biyu aka karɓa ba.

Gwaji, daga wanda ba ya ɓata kaya zuwa wanda ke ɓatawa

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. A ce kin sayi miƙaƙƙen wig baƙi, an rubuta 100% Remy Human Hair, inci 22, cika 180%, raga 13x4, wato siririyar ragar gaban wig da aka ƙulla gashi a jikinta, mai faɗin inci 13 daga kunne zuwa kunne da zurfin inci 4 daga goshi. Mai sayarwa ya rubuto miki cewa nauyinsa giram 270 ne. Kaya ya iso. Kada ki yanke raga, kada ki cire lakabi, kada ki wanke shi gaba ɗaya, domin yawancin masu sayarwa ba sa karɓar wanda aka yi wa ɗaya daga cikin waɗannan. Ki ɗauki hoton kwalin da na wig ɗin yadda ya zo.

Ki fara da sikeli. Ki cire ragar marufi da aka naɗe shi a ciki da takardar da aka cusa cikin hular, ki ɗora. A misalinmu ya nuna giram 215. Bambancin giram 10 ko 15 ba abin faɗa ba ne, amma giram 55 kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da aka yi alkawari, wato cikar ba ta kai ba. Sai tsawo: a wig ana aunawa daga tsakiyar kai zuwa ƙarshen gashi, kuma idan mai lanƙwasa ne sai an ja shi ya miƙe. Inci 22 kusan santimita 56 ne. Ki lura ko sili ƙalilan ne kawai suka kai wurin, sauran sun tsaya a inci 18. Kama gashin a tafin hannu a sama, sannan ki sake kamawa inci 3 kafin ƙarshe, hannunki zai gaya miki yawan abin da ya ɓace a hanya.

Daga nan ki fita da shi hasken rana. Gashin mutum, ko da baƙi ne, ba ya zama launi ɗaya tak. Za ki ga wasu sili sun ɗan yi ja-ja, wasu sun fi wasu kauri, har a sami ɗaiɗaikun furfura idan ba a rina ba. Zaren roba kaurinsa ɗaya, sheƙinsa kuma mai ƙyalli ne kamar na leda. Ki buɗe layukan ɗinki na baya ki duba, domin masu gauraya sun fi ɓoye roba a can, su bar mai kyau a gaba da sama. Idan kin ga gajerun sili masu tsawon inci 1 ko 2 a bakin ɗinki, kada ki tsorata, naɗin keken ɗinki ne ke jawo su, ana samunsu har a kaya mai kyau.

Sai gwajin ɓawo. Ki ware sili kamar goma, ki riƙe su tsakanin babban yatsa da manuni, ki ja zuwa ƙasa, sannan ki ja zuwa sama. Remi na gaske yana da santsi idan an bi shi ƙasa, yana ɗan turjewa da kaushi idan an komo sama. Idan santsi ne ta kowane ɓangare, to ko dai roba ne, ko an cinye ɓawon, ko silikon ya rufe komai. Wannan gwaji alama ce kawai, yatsa na iya ruɗuwa, shi ya sa ake bin sa da wanki. Ki ware ɗan tsagi mai kaurin fensir a can ƙarƙashin ƙeya, ki ɗaure sauran gashin nesa da ruwa, ki wanke tsagin sau biyu ko uku da shamfu mai ƙarfin cire maiƙo, kada ki sa kwandishina, ki bar shi ya bushe da kansa. Ki duba abu uku. Launin kumfa: idan ya yi baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, rini ne ke fita, ba Virgin ba ne. Yanayinsa a jiƙe: gashin mutum yana shan ruwa, ya yi nauyi, ya daɗe bai bushe ba, roba kuwa ruwa a bayansa yake tsayawa. Yanayinsa bayan ya bushe: mai kyau zai ɗan rage sheƙi amma mataji zai bi ta cikinsa, wanda aka cinye wa ɓawo zai yi kaushi ya fara kama juna. A misalinmu tsagin ya bushe ya yi tauri, amma wasu sili a cikinsa suna nan miƙe suna ƙyalli kamar ba a taɓa su ba. Wannan rabuwar hali a tsagi ɗaya ita ce ta fi nuna gauraye.

Yanzu wuta. Ki yanko sili kaɗan daga wurare uku, gaba da gefe da ƙeya, ki ajiye wig ɗin nesa, ki tsaya kusa da ruwa a wurin da iska ke shiga. Ki riƙe sili da hantsaki, ba da yatsa ba, domin narkakkiyar roba tana manne wa fata. Gashin mutum yana ƙonewa da ɗan ƙara, ya nannaɗe, ya ba da ƙaurin da kowa ya sani na gashi, ya bar ɗan baƙin gawayi wanda idan ya huce kika murza zai zama gari. Roba tana janyewa daga wuta tun kafin ta taɓa ta, ta narke, ta ba da warin ƙonanniyar leda, ta bar ƙwallo mai tauri da ba ya murjewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙona damin sili gaba ɗaya: ƙaurin gashin mutum da ke ciki zai rufe warin roba, ki ce kaya ya ci jarrabawa. Ki ƙona ɗaya bayan ɗaya, ko biyu-biyu, kuma ki dogara da abin da ya rage bayan wuta fiye da hanci. Wuta takan mutu da kanta a gashin mutum, amma wannan ba hujja ba ce, domin modakirilik ma haka yake yi.

Gwajin da ya fi kowane ba da amsa a fili shi ne na ruwan bilic na wanki, mai sinadarin kulorin. Gashin mutum furotin ne da ake kira keratin, kuma bilic yana narkar da shi, alhali zaren roba ba ya narkewa a cikinsa. Ki ƙirga sili 40 daga wurare daban-daban, ki yanke kowane kamar tsawon yatsa, ki zuba a ƙaramin kofin gilashi, ki rufe su da bilic wanda ba a sirka ba. A wani kofin ki sa 'yan sili na kanki da kika ciro daga mataji, su ne ma'auninki, domin bilic da ya daɗe a ajiye yana rasa ƙarfi. Ki sa safar hannu, ki buɗe taga, kuma kada ki haɗa bilic da wani sinadari ko kaɗan. Za ki ga ƙananan kumfa suna taruwa a jikin gashin, ya kode, ya yi laushi, ya watse. Yakan ɗauki daga rabin awa zuwa 'yan awanni. Lokacin da naki ya narke ƙarƙaf, ki duba ɗaya kofin, ki tsamo abin da ya rage ki ƙirga. A misalinmu sili 10 cikin 40 sun fito lafiya lau. Samfur ƙarami ne, ba zai ba ki adadi daidai ba, amma ya isa ki ce wajen rubu'in gashin roba ne, kuma ko sili 2 ne suka rage, rubutun 100% ya faɗi.

Ga iyakar waɗannan gwaje-gwaje biyu. Gashin dabba shi ma keratin ne, yana ƙonewa kamar na mutum, yana narkewa a bilic. Akwai kuma zaren da ake yi da furotin na kolajin, wanda wuta ba ta narkar da shi ya zama ƙwallo irin na roba. A gida abin da za ki iya lura da shi shi ne kaushi da taurin wasu sili, da gajarta, da wani wari idan gashin ya jiƙe. Tabbaci sai an duba da madubin ƙara girma na ɗakin bincike, inda tsarin ɓawo da bargon tsakiyar sili ke bambanta mutum da dabba.

Idan kina da niyyar rina gashin ya yi haske, akwai gwaji guda da ya rage: ki sa hodar kodar da gashi da ruwanta a ɗan tsagin da kika yanko, bisa umarnin da ke jikin kwalinta. Wanda ba a taɓa rinawa ba yana tashi daki-daki, daga baƙi zuwa ja, zuwa ruwan lemo, zuwa rawaya. Wanda aka rina da baƙi mai ƙarfi yakan maƙale a ja ko ya yi dabbare-dabbare, wanda aka cinye wa ɓawo kuma yakan yi taushi ya tsinke. Silin roba ba zai canza launi ba sam.

Abin da za ki yi da sakamakon

A misalinmu kina da hujja uku masu hoto: sikeli yana nuna 215 maimakon 270, ƙwallayen roba bayan wuta, da sili 10 da suka tsira daga bilic. Ki aika su tare da hoton tallar da rubutaccen alkawarin nauyi, ki nemi a mayar miki da kuɗi ko a rage, kuma ki yi hakan cikin kwanakin da aka ware na mayar da kaya. Ki tsaya a kan abin da aka auna. Cewa gashin bai yi miki kyau ba ra'ayi ne, cewa an rubuta 100% kuma ga roba a ciki magana ce da ba a iya kaucewa.

Idan kuma kin ga za ki riƙe shi, to ki kula da shi bisa zaren da ya fi rauni a cikinsa. Gauraye ba a rina shi, domin na mutum zai karɓa na roba ya ƙi. Ba a kuma sa masa zafi mai yawa: ki gwada ƙarfe a mafi ƙarancin zafinsa a kan tsagin ƙeya, idan sili ya nannaɗe ko ya manne wa ƙarfen, ki haƙura da zafi gaba ɗaya.

Na roba zalla ana wanke shi da ruwan sanyi bayan an sa shi kamar sau 8 zuwa 10. A taje shi tun yana bushe da mataji mai faɗin haƙora, daga ƙarshe ana hawa sama, a jiƙa shi 'yan mintoci cikin ruwan shamfu ba tare da cuɗawa ba, a ɗauraye, a matse a tawul, a rataye a kan mazauninsa ya sha iska. Ba a taje shi a jiƙe. Man gashi ba ya shiga cikin roba, ƙura kawai yake tarawa a bayanta. Babban maƙiyinsa shi ne zafin da ba a shirya masa ba, irin hucin da ke bugo fuska idan an buɗe tanda, wanda cikin daƙiƙa zai ƙanƙance gashin gaba, kuma ba ya gyaruwa. Mai jure zafi kuwa, ko da an rubuta 180, ya fi lafiya ki tsaya wajen digiri 130 zuwa 140, kuma ki sani cewa lanƙwasa ba ta kamawa sai an riƙe ta a naɗe har ta huce.

Na mutum ba ya samun maiƙon da fatar kai ke ba gashi, saboda haka bushewa ce ke kashe shi. Ki wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da shamfu mai sauƙi, ruwan yana bin gashi daga sama zuwa ƙasa don kada ya hargitse. Kwandishina daga tsakiya zuwa ƙarshe ake sa shi, kada ya taɓa raga, domin yana sa ƙananan ƙullin da aka ɗaure sili da su su zame, gashin gaba ya fara zuba. Ki bar shi ya bushe sosai kafin ki ajiye, kada ki kwana da shi a jiƙe, kuma idan za ki sa ƙarfe ki fesa maganin kariya daga zafi, ki tsaya ƙasa da digiri 180. Idan gwaji ya nuna miki cewa naki na mutum ne amma an cinye masa ɓawo, shi kam silikon ne ke riƙe da shi: ki rage yawan wanki, ki riƙa mayar masa da ɗan ɗigon man gashi mai silikon bayan kowane wanki, kuma ki taje ƙeyarsa duk lokacin da kika cire shi, tun dunƙulen bai yi ƙarfi ba.